Kara waya a biya: abin da NFC ke iya tabbatarwa da inda ƙarfinsa ya ƙare

Mai saye ya kara bayan wayarsa a jikin na'urar karɓar kuɗi, na'urar ta yi ɗan ƙara, ciniki ya faɗa. Duk abin bai cika daƙiƙa ɗaya ba. Idan aka tambayi yawancin mutane me ke kare kuɗinsu a wannan ɗan lokaci, za su ce kusanci ne, tunda sai waya ta kusa taɓa na'ura kafin su yi magana. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma a nan ne kuskuren ya ɓuya. Lissafin sirrin da ke cikin biyan kuɗi ta NFC, wato fasahar sadarwa ta kusa da ke sa karawar ta yi aiki, yana da ƙarfi ƙwarai wajen tabbatar da cewa wayar ta gaskiya ce kuma saƙon sabo ne. Abin da ba ya tabbatarwa a mafi yawan na'urorin da ke aiki yau shi ne inda wayar take, da kuma ko mai ita ya san abin da ya amince da shi. Kusancin nan zato ne da aka ɗora a kan ɗabi'ar maganaɗisu, ba abu ne da aka auna aka sa wa hannu ba.

Yadda ake magana ba tare da an taɓa juna ba

A bayan waya akwai wani siririn naɗin tagulla mai zagaye kaɗan, shi ne eriyar NFC. Irinsa na cikin na'urar karɓar kuɗi, yana cikin katin banki, yana kuma cikin 'yar sitikar nan da ake kira tag. Ɓangaren da ke karatu yana tura lantarki mai kai-komo sau miliyan 13.56 a daƙiƙa cikin naɗinsa, sai filin maganaɗisu ya tashi kewaye da shi. Duk wani naɗi da ya shigo cikin filin zai samu lantarki a jikinsa. Wanda ya san taransifoma ya riga ya san wannan aiki: naɗi biyu ne, sai dai iska ce a tsakaninsu maimakon ƙarfe. Shi ya sa kati da tag ba su da batir. Daga filin mai karatu suke shan wutar da ƙwayar lantarkinsu ke aiki da ita.

Amsar da kati ke mayarwa ma ba watsa ta yake yi ba kamar gidan rediyo. Yana ƙara ko rage yawan wutar da yake ja daga filin ne bisa wani tsari, shi kuma mai karatu yana jin sauyin nauyin a nasa naɗin, ya fassara shi zuwa sifili da ɗaya. Kamar mutum biyu ne riƙe da igiya ɗaya, ɗaya yana ja yana saki, ɗayan yana gane saƙon daga tsikar hannunsa. Saurin da aka fi amfani da shi wajen biya bit dubu 106 ne a daƙiƙa. Kaɗan ne idan aka gwada da intanet, amma saƙonnin ma gajeru ne.

Gajartar zangon ta fito ne daga yadda filin ke mutuwa. Da zarar an yi nisa fiye da faɗin eriyar, ƙarfinsa na faɗuwa da sauri: a ninka nisa sau biyu, ƙarfin ya koma wajen kashi ɗaya cikin takwas. Ƙa'idar EMV, wadda kamfanonin katin banki ke bi, tana gwada na'urori ne daga manne har zuwa santimita 4. Wannan bai zama katanga ba. A 2006 masu bincike a Jami'ar Tel Aviv sun haɗa na'ura mai babbar eriya da ta karanta irin waɗannan katunan daga nisan santimita 25 ko kusa da haka. Sauraron magana da ke gudana tsakanin kati da na'ura ya fi wannan sauƙi, domin mai sauraro ba sai ya ciyar da katin wuta ba, kuma an nuna ana iya yi daga mita ɗaya zuwa 'yan mitoci a ɗakin gwaji.

Daga wannan bayani kaɗai ana iya gane yawancin dalilan da ke sa karawa ta ƙi aiki. Ƙarfe na shanye filin yana kuma karkatar da saitin eriya, don haka kwandon waya mai farantin ƙarfe a baya kan kashe NFC gaba ɗaya, tag na yau da kullum kuma ba ya karantuwa idan an manna shi a jikin ƙarfe, sai wanda aka yi masa shimfiɗa ta musamman a ƙasa. Eriyar iPhone tana can saman waya, ta yawancin wayoyin Android kuwa tana tsakiyar baya ko kusa da kyamara, saboda haka wanda ya kara ƙasan waya yana iya tsayuwa har ya gaji. Idan an cusa katin banki a cikin kwandon waya, na'ura za ta ji amsa biyu a lokaci guda, kuma na'urorin biya an tsara su ne su ƙi zaɓa da kansu, su nemi a kara kati ɗaya.

Waya tana iya taka rawa biyu a wannan fage. Wani lokaci ita ce mai karatu, ita ke tayar da fili ta ciyar da tag. Wani lokaci kuma tana shiga rigar kati, ta jira na'urar kanti ta yi mata tambaya. Eriya ɗaya ce, amma tsaron ayyukan biyu bai haɗa hanya ba.

Tag allo ne da kowa ke iya karantawa

Tag mai arha, irin su NTAG213, ɗan ma'aji ne kawai. Yana da lambar shaida mai bayit 7 da aka sa masa daga masana'anta, da wurin rubutu mai bayit 144. Manyan 'yan'uwansa NTAG215 da NTAG216 suna ɗaukar 504 da 888. Abin da aka rubuta a ciki yana bin tsarin NDEF, wanda ƙungiyar NFC Forum ta shimfiɗa, ƙungiyar da Nokia da Philips da Sony suka kafa a 2004. Ga yadda adireshin https://example.com yake zama a cikin tag:

```
03 10 D1 01 0C 55 04 65 78 61 6D 70 6C 65 2E 63 6F 6D FE
```

03 na nufin saƙon NDEF ya fara, 10 shi ne tsawonsa a ƙirge mai tushe 16 da aka rubuta lambobin da shi, wato bayit 16. 55 na cewa abin da ke tafe adireshi ne, 04 kuma gajeren lambar https:// ce don a rage cin wuri. Lambobin da suka biyo bayan 04 haruffan adireshin ne, FE ya rufe. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Babu sa hannu, babu sunan wanda ya rubuta, babu wata hanya da waya za ta bi ta gane ko wannan sitikar ita ce mai wurin ya manna ko wani ne ya zo da dare ya ɗora tasa a kai.

Idan ba a kulle tag ba, duk mai waya da manhajar rubutu zai iya sauya adireshin cikin daƙiƙa biyu. Kulle shi na dindindin ne, ba a buɗewa, kuma yana hana a sake rubutu, amma ba ya hana a ɓamɓare sitikar a sa wata. Akwai kalmar sirri mai bit 32 da ake iya sa wa waɗannan tag, sai dai a fili take wucewa ta iska lokacin da aka tura ta, don haka mai sauraro a kusa zai iya kama ta. Lambar shaidar nan ma da wasu ke dogara da ita wajen buɗe ƙofa ko ɗaukar sunan ma'aikata ba sirri ba ce. Tag na faɗa wa duk wanda ya tambaya, kuma ana sayar da katunan da ake iya rubuta musu kowace lambar shaida. Tsarin da ya tsaya a kan lambar shaida kaɗai, a gaskiya bai da kulle. Tsofaffin katunan MIFARE Classic sun zo da ɓoye saƙo mai mabuɗi na bit 48, amma an fasa shi tun 2007 da 2008, ta hannun Karsten Nohl da Henryk Plötz da kuma masu bincike na Jami'ar Radboud a Netherlands. Abin takaici ne cewa har yau ana ganin su a ƙofofi.

Inda ake son tag ya zama shaida, sai a koma ga irin NTAG 424 DNA. Shi yana riƙe da mabuɗin sirri na tsarin ɓoye saƙo na AES a cikinsa, kuma duk karawa yana ƙara ƙidaya ɗaya, ya lissafa sabon hatimi, ya liƙa su a ƙarshen adireshin. Uwar garken mai kayan tana sake lissafin, ta ƙi duk ƙidayar da ta riga ta gani. Wannan yana hana kwafa. Bai hana a cire tag na gaskiya daga jikin kaya na gaskiya a manna wa jabu ba.

Ita wayar fa? Tag ba ya iya shiga waya ya kwashi hotuna ko kuɗi. Abin da yake iyawa shi ne ya miƙa mata adireshi, ko lambar kira, ko umarnin buɗe wata manhaja. iPhone, daga XS zuwa sama, tana nuna sanarwa ne sai an danna. Wayoyin Android galibi ba sa karanta tag sai an buɗe fuskar waya, amma wasunsu suna wucewa kai tsaye zuwa shafin. Haɗarin yana can a shafin da aka kai mutum, inda za a nemi lambar katinsa ko a ce ya sauke wata manhaja. Karanta adireshin da ya bayyana kafin a rubuta komai shi ne kariyar, kuma babu wata ƙwayar lantarki da za ta yi wa mutum wannan aikin.

Biya guda ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

Aikin yana farawa ne tun ranar da aka saka kati a manhajar biya, ba a gaban kanta ba. Manhajar tana tura lambar katin zuwa kamfanin katin, misali Visa ko Mastercard, shi kuma ya tambayi bankin da ya ba da katin ko ya yarda. Bankin yakan nemi shaida, sau da yawa lambar amfani-sau-ɗaya da yake turowa ta saƙon tes. Idan an wuce nan, sai a ƙirƙiro wata lamba mai kama da lambar kati, wadda ta wannan wayar ce kaɗai, tare da mabuɗin sirri nata. Wannan lambar madadi ita ke zama a waya, lambar katin ta ainihi ba ta zama. Shi ya sa lambobi huɗu na ƙarshe a rasit ɗin wanda ya biya da waya sukan bambanta da na jikin katinsa.

Wurin ajiyar mabuɗin ya kasu biyu. Apple Pay, da ya fito a 2014, yana ajiye shi a wata ƙwaya ta daban mai kulle, wadda ake taƙaita sunanta SE, irin wadda ke cikin katin banki. Babbar manhajar wayar ba ta iya karanto mabuɗin daga ciki, tana dai iya neman ƙwayar ta yi lissafi. Android kuma, tun fitowar 4.4 a 2013, ya ba manhajoji damar su amsa a matsayin kati, abin da ake kira HCE. Tunda manhaja ba ta kai ƙwayar SE kariya ba, sai aka rage darajar abin da ke hannunta: ana ba ta mabuɗai masu gajeren rai, kowanne na ɗan lokaci ko na 'yan ciniki kaɗan, ana sabunta su ta intanet. Wannan ne ke sa irin wannan waya ta biya sau da dama ba tare da data ba, sannan wata rana ta ƙi har sai an haɗa ta da intanet. Shi ne kuma dalilin da manhajojin biya ke ƙin aiki a wayar da aka fasa kullen tsarinta.

Yanzu a ce mai kanti ya shigar da 40.00 a na'ura. Na'urar tana ta kira cikin filinta har wayar ta amsa. Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: wane irin kati kake ɗauke da shi?

```
00 A4 04 00 0E 32 50 41 59 2E 53 59 53 2E 44 44 46 30 31 00
```

Bayit 14 na tsakiya sunan 2PAY.SYS.DDF01 ne, wato jerin katunan da ke ciki. Wayar ta amsa da lambar tsarin, misali A0000000031010 idan Visa ne ko A0000000041010 idan Mastercard ne. Na'urar ta zaɓi wannan, wayar kuma ta faɗi bayanan da take bukata kafin ta sa hannu. Sai na'urar ta turo su: adadin kuɗi, wanda ke tafiya a matsayin 000000004000, lambar nau'in kuɗin, kwanan wata, da wata lamba mai bayit 4 da na'urar ta zaro da ka a wannan lokacin.

A nan zuciyar tsaron take. Wayar tana da ƙidaya da ke ƙaruwa da ɗaya a kowane ciniki. A ce tana kan 87, sai ta koma 88. Ta haɗa adadin kuɗin, nau'insa, kwanan watan, lambar da na'ura ta zaro, da ƙidayar 88, ta murɗa su da mabuɗinta, ta fitar da hatimi mai bayit 8. Lambar madadi da hatimin su ne ke tafiya ta bankin mai kanti zuwa kamfanin katin. Can ake sake lissafin da kwafin mabuɗin, a mayar da lambar madadi zuwa lambar kati ta ainihi, a miƙa wa bankin mai saye ya duba asusu ya ce e ko a'a. Ɓangaren da ke tsakanin waya da na'ura an tsara shi ya ƙare cikin rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka. Wanda ya janye waya kafin hatimin ya fita, shi ne ke ganin an ce ya sake karawa. Jiran da ke biyo baya na hanyar banki ne, wayar ta riga ta gama nata.

Mu ɗauka wani ya saurari duk wannan musaya, domin a mafi yawan na'urori ba a ɓoye take ba. Me ya samu? Lambar madadi, da hatimin da ya dace da 40.00, da ƙidaya ta 88, da lambar da waccan na'ura ta zaro. Idan ya je wata na'ura, za ta zaro wata lamba daban, tsohon hatimi ya zama banza. Idan ya sauya adadin zuwa 400.00, lissafin banki ba zai dace ba. Idan ya rubuta lambar madadin a shafin sayayya na intanet, za a ƙi ta, domin an ɗaure ta ga wannan wayar da wannan hanyar biya. A wannan fuska waya ta fi katin roba, wanda ke bayyana lambarsa ta ainihi da ranar ƙarewarsa ga duk mai karatun da ya tambaya, ko da yake lambobi ukun da ke bayansa ba sa cikin abin da ake karantowa. Waya ta kuma fi shi ta wata fuskar: galibi ba ta sa hannu sai mai ita ya buɗe ta da yatsa ko fuska ko lambar sirri, ta kuma shaida wa na'ura cewa an tantance mai ita.

Gadar da ke haɗa nesa da kusa

Duba jerin abubuwan da suka shiga hatimin nan da kyau. Akwai kuɗi, akwai rana, akwai ƙidaya. Babu nisa a ciki.

Ɓarawo ba sai ya fasa mabuɗi ba. Yana bukatar na'urori biyu ne kawai da hanyar sadarwa a tsakaninsu, wadda za ta zama gada. Ta farko tana kusa da katin wanda za a cuta, tana yin kamar na'urar kanti. Ta biyu tana gaban na'urar kanti ta gaskiya, ko a wani gari, tana yin kamar kati. Duk tambayar da na'urar kanti ta yi, a miƙa ta ta gadar zuwa katin gaskiya, duk amsar da ya bayar a dawo da ita. Lambar da aka zaro sabuwa ce, ƙidaya ta ƙaru daidai, hatimi na gaskiya ne, domin katin gaskiya ne ya buga shi. Banki ba shi da abin da zai kama a lissafin. Gerhard Hancke ya nuna wannan a aikace tun 2005 a Jami'ar Cambridge, kuma yau wayoyin Android biyu sun isa.

Za a ce ai jinkiri zai tona asiri. Matsalar ita ce ƙa'idar sadarwar tana da haƙuri da gangan. Katuna sun bambanta wajen saurin lissafi, saboda haka an ba kati damar ya roƙi ƙarin lokaci, ya sake roƙo. Jinkirin 'yan milisakan goma-goma da gada ke ƙarawa yana ɓacewa a cikin wannan sassauci. Mastercard ya fito da magani a ƙa'idarsa: na'ura ta tura lamba, kati ya mayar da tasa nan take ba tare da dogon lissafi ba, na'ura ta auna lokacin, a kuma sa lambobin da iyakar lokacin cikin abin da kati ya sa wa hannu. Dabara ce mai kyau, amma sai kati da na'ura duka sun san ta kafin ta yi aiki, kuma ma'auninta na lokaci bai kai ya bambance santimita da mita ba, tunda saƙon rediyo na cin mita 300 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Abin da take kamawa shi ne gada mai jinkiri.

Ga waya, abin da ke toshe gada shi ne kulle fuska: wayar da ke aljihu a kulle ba ta amsa tambayar biya. Duk inda aka sassauta wannan, ƙofa ta buɗe. A 2021 masu bincike daga jami'o'in Birmingham da Surrey sun nuna hakan da Express Mode na iPhone, yanayin da ke barin mutum ya wuce ƙofar tashar jirgin ƙasa ba tare da buɗe waya ba. Sun kwaikwayi alamar da ƙofar tasha ke bayarwa, wayar ta ɗauka kuɗin jirgi take biya, suka miƙa saƙonnin zuwa na'urar kanti. A kan hanya suka sauya ɗan bit ɗin da ke cewa an tantance mai waya, suka cire fam 1,000 daga waya a kulle. Ya yi aiki ne da katin Visa a Apple Pay. Bai yi da Mastercard a iPhone ba, bai kuma yi da Visa a Samsung Pay ba. Shekara guda kafin nan, masu bincike a ETH Zurich sun yi amfani da irin wannan rauni wajen tsallake PIN a katunan Visa. Tushen duka biyun ɗaya ne: bayanin da ke cewa an tantance mai kati yana wucewa ba tare da kariyar da za ta hana a taɓa shi a hanya ba, ko kuma ba a duba shi a can banki. Abin da hatimi bai rufe ba, mai gada na iya sauya shi.

Waɗancan gwaje-gwajen masana ne. Abin da ya faru da mutane na gaske ya fi su sauƙi, ya kuma fi su ban tsoro. A 2024 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana wata muguwar manhaja da ya sa wa suna NGate, wadda aka yi amfani da ita kan abokan hulɗar bankuna uku a Jamhuriyar Czech. An gina ta ne a kan NFCGate, kayan binciken da ɗalibai suka rubuta a jami'ar fasaha ta Darmstadt. Ana turo wa mutum saƙo, sannan a kira shi da sunan banki a ce an shiga asusunsa, a sa shi ya sauke manhaja don ya kare kansa. Manhajar ta nemi PIN, ta ce ya ɗora katinsa a bayan waya don tantancewa. Wayarsa ta zama ƙarshen gada na farko, ɓarawo kuma yana tsaye gaban ATM mai karɓar karawa da nasa ƙarshen. Alamar ganewa a nan bayyananna ce: wanda ya kira ka ya ce ka sauke manhaja ta wani adireshi, ka rubuta PIN ɗin katinka, ka kuma kara katin a waya yana kan layi, kuɗi yake cirewa a daidai wannan lokacin.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar katin ma ya kusanci komai, wadda a ganinmu ta fi kowace cancantar kulawa. Mu koma ranar saka kati a manhaja. Duk ginin nan na lambar madadi da mabuɗi yana tsaye ne a kan amsar tambaya ɗaya: wanda ke saka katin nan a wannan waya shi ne mai katin? Idan shaidar ita ce lambar da aka turo ta tes, to wanda ya yaudari mutum ya ba shi lambar kati a shafin bogi, ya kuma karɓi lambar tes ɗin, zai saka katin a tasa wayar. Daga nan banki da kansa ne ya ba ɓarawo lambar madadi da mabuɗi na halal. Yatsan da zai buɗe wayar nasa ne, kowane hatimi kuma zai fito daidai. Kamfanin ThreatFabric ya bayyana a ƙarshen 2024 yadda ake haɗa wannan da gada, ya kira abin Ghost Tap: wayar da ke ɗauke da katunan sata tana zaune wuri guda, 'yan aike kuma suna karawa a kantuna masu nisa.

Bankunan da suka ɗauki wannan da muhimmanci sun koma neman amincewa daga cikin manhajar bankin maimakon tes, suna kuma sa ido kan ciniki biyu da aka yi a wurare masu nisan da mutum ba zai iya ratsawa ba a tsakanin lokutansu. Mai kati ma yana da abin dubawa. Saƙon da ke ɗauke da lambar yakan faɗi abin da ake son yi da ita, kuma idan ya ce don saka kati a Apple Pay ko Google Wallet ne alhali mutum sayayya yake tsammanin yana yi, to wani ne ke ƙoƙarin ɗaura katin a wata waya. Sanarwar cewa an ƙara katinka a sabuwar na'ura, ba tare da kai ka yi ba, ta isa dalilin kiran banki nan take ta lambar da ke bayan katin. Ana iya soke lambar madadi ɗaya ba tare da taɓa sauran ba, abin da ake yi ke nan idan waya ta ɓata. Amma idan ta hanyar yaudara aka ƙirƙiro ta, lambar katin ta ainihi ma tana hannun ɓarawon, saboda haka sai a soke lambar madadin a kuma sauya katin gaba ɗaya.